Takardun lamuni uku, wa'adi ɗaya: mai araha, mai daidai ko mai tsada, wace za ka saya?

A ce dillali ya turo maka jerin takardun lamuni uku. Mai cin bashin ɗaya ne, kowacce uwar kuɗinta 1,000 ce, kuma duk saura shekara biyar wa'adinsu ya cika. Ta farko tana biyan 40 a shekara, ana sayar da ita 772.55. Ta biyu tana biyan 100 a shekara, farashinta 1,000 cif. Ta uku tana biyan 150 a shekara, amma sai ka ba da 1,189.54 kafin ka mallake ta. Yawancin mutane idan suka ga irin wannan jeri, idonsu kan tsaya ne a ɗaya daga cikin wurare biyu. Wani zai ce ai ta farkon garaɓasa ce, ka ba da ɗari bakwai da 'yan kai a mayar maka da dubu. Wani kuma zai ce araha ba ta ado, shi mai biyan 150 yake so. Dukkansu biyu rabin hoton suke kallo.

Kafin a kwatanta su, sai an san daga inda waɗannan farashi suka fito, domin ba dillali ne ya ƙago su ba.

Yadda ake fitar da farashin

Takardar lamuni alkawari ne iri biyu a takarda ɗaya. Akwai kuɗin ruwan da ake biya a ƙayyadadden lokaci, wanda 'yan kasuwar ke kira kufon, sannan akwai uwar kuɗin da za a mayar ranar da wa'adi ya cika. Dukkansu kuɗin gaba ne, kuma kuɗin gaba bai kai na yau daraja ba. Idan a kasuwa ana samun ribar kashi 10 cikin ɗari a shekara kan bashi mai irin wannan haɗari, to 1,000 da za a ba ka nan da shekara ɗaya daidai take da 909.09 a yau, domin 909.09 ɗin idan ka zuba ta za ta zama 1,000 kafin lokacin. Idan shekara biyu ce, sai ka raba da 1.10 sau biyu. Idan biyar ce, sau biyar, wato 620.92. Farashin takarda shi ne ka ɗauki kowane biya da ke tafe, ka dawo da shi darajarsa ta yau, ka tara su gaba ɗaya.

```
P = C/(1+r) + C/(1+r)^2 + ... + C/(1+r)^n + F/(1+r)^n
```

A nan C shi ne kufon, F uwar kuɗi, n yawan lokutan biya, r kuma ribar da kasuwa ke nema a yau. Mu gwada da takarda ta farko. Kufon 40 na shekarar farko darajarsa a yau 36.36, na biyu 33.06, na uku 30.05, na huɗu 27.32, na biyar 24.84. Jimlarsu 151.63. Ka ɗora 620.92 na uwar kuɗi, ka samu 772.55, daidai da abin da dillali ya rubuta. Ta biyu kufon nata sun tashi 379.08, da 620.92 sun zama 1,000. Ta uku kufon nata 568.62, da 620.92 sun zama 1,189.54. Wanda ba ya son wahalar lissafin hannu zai iya rubuta wannan a Excel ya samu amsa ɗaya:

```
=-PV(10%,5,40,1000)
```

Abin lura shi ne r ɗaya muka yi amfani da shi a duka ukun. Ma'ana, a waɗannan farashi babu mai araha kuma babu mai tsada. Kowacce kashi 10 take ba ka. Ta farko an rage mata kuɗi ne domin kufon ɗinta ya gaza abin da kasuwa ke nema, ta uku an ƙara mata domin nata ya zarce. To idan ta fuskar riba duk kanwar ja ce, me ya rage a zaɓa? Abu huɗu nake dubawa. Na farko, nawa za ka biya kuma yaushe kuɗinka zai dawo. Na biyu, juriya, wato yadda farashin ke motsi idan ribar kasuwa ta sauya. Na uku, sauƙin riƙewa, wato aikin da takardar za ta ɗora maka bayan ka saya. Na huɗu, abin da zai faru idan mai bashin bai cika alkawari yadda ka zata ba.

| | Mai kashi 4 | Mai kashi 10 | Mai kashi 15 |
|---|---|---|---|
| Kufon a shekara | 40 | 100 | 150 |
| Farashi idan kasuwa na kashi 10 | 772.55 | 1,000.00 | 1,189.54 |
| Farashi idan ta hau kashi 12 | 711.62 | 927.90 | 1,108.14 |
| Faɗuwa | kashi 7.9 | kashi 7.2 | kashi 6.8 |
| Farashi idan ta sauka kashi 8 | 840.29 | 1,079.85 | 1,279.49 |
| Tashi | kashi 8.8 | kashi 8.0 | kashi 7.6 |
| Kason uwar kuɗi a cikin farashi | kashi 80 | kashi 62 | kashi 52 |
| Farashi bayan shekara 1, kasuwa na nan a 10 | 809.81 | 1,000.00 | 1,158.49 |

Mai kashi 4, wadda ke ƙasa da uwar kuɗi

Wannan takarda mai sa jira ce. Idan kana da 100,000, za ka samu guda 129, su riƙa kawo maka 5,160 a shekara, sannan a ƙarshe a ba ka 129,000. Idan ka auna 40 a kan 772.55, kashi 5.2 kawai kake gani a hannu duk shekara. Sauran ribar tana ɓoye a cikin farashi, wanda ke hawa a hankali zuwa 1,000. Dubi layin ƙarshe na jadawalin: bayan shekara ɗaya, ko da komai bai sauya a kasuwa ba, farashin ya koma 809.81. Ka karɓi 40, takarda ta ƙaru da 37.26, jimla 77.26, wato kashi 10 na abin da ka biya. Ribar tana nan, sai dai kusan rabinta ba za ka taɓa ba sai ka sayar ko wa'adi ya cika.

Ta fuskar juriya ita ce ta fi girgiza. Dalilin yana cikin lissafin da muka yi: kashi 80 na farashinta daga uwar kuɗi yake, ita kuwa uwar kuɗi ita ce biyan da ya fi nisa, wanda ake raba shi da 1+r har sau biyar. Ƙaramin sauyi a r ya fi taɓa abin da ke nesa. Akwai ma'aunin da Frederick Macaulay ya kawo a 1938, wanda ke auna matsakaicin lokacin da darajar kuɗinka ke dawowa. A wannan takarda shekara 4.57 ne, a ta tsakiya 4.17, a ta ukun 3.95. Duk shekara biyar ce a rubuce, amma ba tsawon jira ɗaya ba ne. A shekara biyar bambancin bai kai ya hana mutum barci ba, kashi 7.9 da 6.8 ba su yi nisa sosai ba. Idan takardun na shekara ashirin ne, tazarar za ta buɗe sosai.

Inda ta fi sauran shi ne sauƙi. Ribar kashi 10 da muka yi lissafi da ita tana da wani sharaɗi da ba a cika faɗa ba: domin kuɗinka ya haɓaka da kashi 10 har ƙarshen shekara biyar, sai duk kufon da ka karɓa ka sake zuba shi a kashi 10. Idan kasuwa ta yi sanyi ka riƙa samun kashi 5 kawai kan kufon ɗin, abin da za ka tashi da shi a wannan takarda ya koma kusan kashi 9.6 a shekara. Asarar kaɗan ce, domin kufon ɗin ma kaɗan ne, babu abin sake zubawa da yawa. Kusan ta kulle maka ribar tun ranar saye.

Mai kashi 10, wadda ke daidai da uwar kuɗi

Babu dogon bayani a kanta, kuma wannan shi ne kyawunta. Ka ba da 1,000, ka riƙa karɓar 100, a mayar maka da 1,000. Abin da ke shigowa hannunka duk riba ce, za ka iya kashe shi uwar kuɗinka ba ta ragu ba, in ban da cin da hauhawar farashi ke yi mata. A kowane ma'auni tana tsakiya: faɗuwa kashi 7.2, kuma idan an sake zuba kufon a kashi 5 ribarta ta koma kusan 9.2. Kada dai ka ɗauka farashinta ba ya motsi. Yana tsaye a 1,000 ne kawai muddin kasuwa na kashi 10. Ranar da ta hau 12, mai son sayarwa 927.90 zai karɓa.

Mai kashi 15, wadda ke sama da uwar kuɗi

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe. Da 100,000 za ka samu guda 84, su riƙa kawo maka 12,600 a shekara. Kuɗi ne mai kauri, ya ninka na takarda ta farko fiye da sau biyu. Amma ranar cikar wa'adi 84,000 za a ba ka, ba 100,000 ba. Mai sayarwa na iya ce maka tana ba da kashi 12.6, domin 150 a kan 1,189.54 haka yake fita, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai bai gama magana ba. Bayan shekara ɗaya farashin ya sauka zuwa 1,158.49. Ka karɓi 150, takarda ta ragu da 31.05, abin da ya rage 118.95, kashi 10 ke nan. Wato cikin kowane 150 akwai wani yanki da ba riba ba ne, kuɗinka ne ake mayar maka da shi gutsure-gutsure. Wanda ya cinye kufon gaba ɗaya yana zaton riba yake ci, zai wayi gari bayan shekara biyar ya ga jarinsa ya ragu da kusan 16,000, ya fara neman wanda ya cuce shi, alhali babu wanda ya cuce shi.

Ta fuskar juriya ita ce ta fi tsayuwa, domin kusan rabin darajarta a kufon take, su kuwa suna zuwa da wuri. Idan ribar kasuwa ta hau ma tana da wani amfani: kuɗi mai yawa na shigo maka kana zuba shi a sabuwar riba mai tsoka. Amma idan ta sauka, abin ya juya. Da kufon da ake sake zubawa a kashi 5, ribarta ta ƙarshe ta koma kusan kashi 9.0, ƙasa da sauran biyun. Kuma aiki ne: duk shekara sai ka nemi inda za ka sa kuɗin, kuma kowane sabon saye yana da nasa kuɗin dillali.

Haɗarin da ya fi damuna a kanta shi ne na fansa. Wasu takardu suna da sharaɗin da ya ba mai cin bashi damar biyan uwar kuɗi kafin wa'adi ya karɓe takardarsa. Wace takarda kake jin zai so ya fansa? Ai wadda yake biyan kashi 15 a kanta alhali zai iya cin sabon bashi a kashi 10. A ce sharaɗin ya ba shi dama ya fanshe ta a kan 1,000 bayan shekara biyu. Ka biya 1,189.54, ka karɓi 150, sannan 1,150, magana ta ƙare. Idan ka mayar da waɗannan cikin lissafin, ribarka kusan kashi 4.8 ce. Farashin 1,189.54 ya ginu ne kan kufon biyar, aka ba ka biyu. Don haka duk takardar da ke sama da uwar kuɗi, karanta sharuɗɗanta kafin komai, idan akwai fansa kuma, ka yi lissafin zuwa ranar fansar, ba ranar cikar wa'adi ba.

Idan mai bashi ya gaza

Tunda mai cin bashin ɗaya ne, yiwuwar ya gaza iri ɗaya ce a duka ukun. Abin da ya bambanta shi ne yadda gazawar za ta same ka, kuma ya danganta da lokacin da ta zo. Idan ta zo a makare, mai kashi 15 ya riga ya kwashi abu mai yawa: cikin shekara uku ya karɓi 450, kusan kashi 38 na abin da ya biya, yayin da mai kashi 4 ya karɓi 120 kacal, ƙasa da kashi 16. Idan kuwa ta zo da wuri, labarin ya sha bamban. A yawancin lokuta abin da mai takarda ke bi idan an zo rabo ana auna shi ne da uwar kuɗi, ba da farashin da ya biya a kasuwa ba. A ce an gaza kafin kufon farko, aka biya kowa 400 kan kowace 1,000. Wanda ya saya a 772.55 ya yi asarar kashi 48, wanda ya saya a 1,189.54 ya yi asarar kashi 66. Saboda haka ban yarda da masu cewa babban kufon ya fi aminci kai tsaye ba.

Abin da za ka duba kafin ka yarda da farashi

Duk kwatancen nan ya tsaya ne kan cewa an yi wa ukun farashi da riba ɗaya. A zahiri ba kullum haka ne ba, kuma a nan ne lissafin ke biyan wahalarsa. A ce dillali ya ce maka mai kashi 4 ɗin 800 ce. Har yanzu tana ƙasa da 1,000, har yanzu tana kama da araha. Juya lissafin ka nemi r:

```
=RATE(5,40,-800,1000)
```

Za ka samu kusan kashi 9.2. Ke nan a 800 ta fi mai 1,189.54 tsada, duk da cewa lambarta ta fi ƙanƙanta. Tsada da araha a takardar lamuni a r ake ganinsu.

Kuskure biyu ne suka fi ɓata wa mutane wannan lissafi. Na farko, mutum ya sa adadin kufon a wurin r. Alamarsa a fili take: kowace takarda ka lissafa sai ta fito 1,000 daidai. Na biyu, mantawa da yawan lokutan biya. Takardu da yawa sau biyu suke biya a shekara, to sai ka raba kufon biyu, ka raba r biyu, ka ninka n biyu. Mai kashi 4 za ta zama biya goma na 20 a kashi 5, farashinta ya fito 768.35, mai kashi 15 kuma 1,193.04. Idan ka raba kufon ka manta da r, amsar za ta faɗi ƙasa warwas. Akwai gwaji mai sauri da ke kama yawancin irin wannan: kufon da ya gaza r dole farashi ya gaza uwar kuɗi, wanda ya zarce r dole farashi ya zarce ta.

Sai kuma kuɗin ruwan da ya taru. Farashin da ake rubutawa a jeri yawanci bai haɗa da shi ba. Idan ka sayi mai kashi 15 wata shida bayan biyan kufon, za ka ƙara wa mai sayarwa kusan 75, rabon watannin da ya riƙe ta, kai kuma ka karɓi 150 cikakke idan lokaci ya yi. A mai kashi 4 ƙarin 20 ne. Ba asara ba ce, amma ka tambayi jimlar da za a cire maka kafin ka amince. Haraji ma ka bincika dokar inda kake, domin a wurare da dama kufon da ribar hawan farashi ba a yi musu hukunci ɗaya, kuma wannan kaɗai na iya karkata ma'auni tsakanin ta farko da ta uku.

Wace ta dace da wa

Idan akwai wani adadi da kake son ya cika a rana sananniya nan da shekara biyar, kuma ba ka buƙatar kuɗi a tsakani, mai kashi 4 ce taka. Ita ce ta fi kusa da ba ka abin da lissafi ya nuna, ba tare da dogaro da inda kasuwa za ta kasance ba. Ita ce kuma zaɓin mai ganin ribar kasuwa za ta sauka yana son ya sayar kafin wa'adi, muddin ya san idan hasashensa ya kuskure ita ce za ta fi faɗuwa.

Idan kana son kuɗin shiga da za ka riƙa kashewa hankali kwance, jarinka ya dawo yadda ka zuba shi, ko kana riƙe wa wasu amana ne da za ka yi musu bayani a sauƙaƙe, ɗauki mai kashi 10.

Mai kashi 15 ta dace da wanda buƙatarsa ta fi yawa a shekarun nan masu zuwa kuma ya yarda da saninsa cewa yana cin wani yanki na jarinsa, ko wanda ke tsammanin ribar kasuwa za ta hau yana son kuɗi ya riƙa dawo masa da wuri. Shi ma da sharaɗi biyu: ya tabbatar babu damar fansa a takardar, kuma idan yana son 100,000 ɗinsa ta dawo cikakkiya, ya riƙa ware kusan 2,600 daga cikin 12,600 na kowace shekara yana sake zubawa.